Littafin aikin gidan Kawu a Agege: ƙofofi da tagogi

Litinin, 5 ga Mayu, 2025

Yau na karɓi cikakken zanen gidan daga hannun akitek, takarda goma sha ɗaya. Bene ne hawa ɗaya, fulat a ƙasa, fulat a sama, kowanne da ɗaki uku da falo da kicin. An riga an zuba jaman fulo, wato kankaren daɓen ƙasa, tun kafin Kawu ya kira ni in kula masa da aikin, jibi za a fara jera bulo. Buga zanen kwafi biyu a babbar takarda ya ci naira 16,500. Ɗaya na ajiye a gida, ɗaya kuma na san nan da wata guda siminti da shayi za su gama da shi.

Takarda ta tara ce jadawalin ƙofofi da tagogi, wanda ma'aikata ke ce wa shedul. A jikin fulan, kowace ƙofa tana da ɗan da'ira da lamba a ciki, kowace taga ma haka. Babu wurin rubuta bayani a kan fulan ɗin, shi ya sa ake kai bayanin jadawali: faɗi, tsayi, abin da za a yi ta da shi, irin makulli, da adadinta. Na kwafe ainihin abin a bangon littafin nan:

```
D1  1200 x 2100   2
D2   900 x 2100   2
D3   900 x 2100   8
D4   750 x 2100   6
W1  1800 x 1200   4
W2  1200 x 1200  12
W3  1200 x  900   2
W4   600 x  600   8
```

Duk da milimita ne, kuma faɗi ake fara rubutawa kafin tsayi. D1 ƙofar shiga falo ce ta ƙarfe, D2 ta bayan kicin ita ma ƙarfe, D3 ta katako ce ta ɗakuna da cikin kicin, D4 ta banɗaki. D2 da D3 girmansu ɗaya, amma lambarsu daban saboda ba kaya ɗaya ba ne, ba kuɗi ɗaya ba ne, ba kuma mutum ɗaya zai kawo su ba.

Talata, 6 ga Mayu

Jiya bayan isha'i na zauna da jan biro ina bin fulan ɗaki-ɗaki, duk lambar da na wuce in soke ta. Tagogi sun cika 26 cif. Ƙofofi kuwa jadawali ya ce 18, ni na ƙirga 20. Na sake ƙirgawa, 20 dai. Abin da ya fara ba ni alama shi ne W4: tagar banɗaki takwas, ƙofar banɗaki shida. To sauran banɗaki biyun ta ina za a shige su?

Da na duba akwatin bayanin da ke kusurwar takardar fulan, sai na ga an yi mata gyara, an rubuta Rev. B. Ashe Kawu ne ya sa a ƙara banɗakin baƙi a kowane falo, aka gyara fulan, aka ƙara tagar a jadawali, aka manta ƙofar. Na kira akitek da safe, ya amsa kuskuren ba musu, ya ce in mayar da shida takwas da biro kafin ya turo sabuwar takarda. Shi kuma Kawu da na ce masa lissafin ƙofofi ya ƙaru da kusan naira 140,000, cewa ya yi, "Kai ɗan nan, daga zuwanka har ka fara haifar mini ƙofofi?"

Laraba, 7 ga Mayu

An fara bulo. Na bi babban birkila muka sa alamar kowace kafa a layin farko da alli. Dattijo ne mutumin Katsina, ya fi shekara talatin yana gini a Legas, ni Baba nake ce masa, shi kuma Injiniya yake ce mini, wani sa'in da gaske, wani sa'in da zolaya. Da ƙafa yake lissafi: D3 a wurinsa ƙafa uku ce, D1 ƙafa huɗu. Na nuna masa a tef cewa ƙafa uku 914 ce, ƙafa huɗu 1219. Ya ce wannan ai siminti zai cinye. Gaskiyarsa a faɗi, domin ragi ya fi ƙari sauƙi: ramin da ya ɗan yi yawa a cike shi, wanda ya yi kaɗan sai da guduma. Duk da haka na ce a bi ɓangaren milimita na tef ɗin, kada kowa ya riƙa juya shi yadda ya ga dama.

Asabar, 10 ga Mayu

Bulo ya kai layi huɗu. Ruwa ya hana aiki daga azahar.

Alhamis, 15 ga Mayu

An fitar da tagogin ƙasa. Gindin W1 da W2 yana tashi ne 900 daga daɓe, a ɗora 1200 na tsayin tagar a kai, kanta ya tsaya a 2100 daidai da kan ƙofofi. W3 ta kicin gindinta 1200 saboda kanta da famfon wanke-wanke za su zauna a ƙarƙashinta, shi ya sa tsayinta 900 kawai. Ta banɗaki gindinta 1500. Dukansu a layi ɗaya suke haɗuwa a sama, domin linta ɗaya za ta zagaye ginin.

Jibi zan tafi Kano, jikin Inna ya motsa.

Litinin, 26 ga Mayu

Na dawo jiya da daddare, Inna da sauƙi, alhamdu lillahi. A wurin aiki kuwa na tarar da abin da ya hana ni cin abincin rana.

An zuba linta ranar Alhamis, har an cire katakon gefe. Aikin ya yi kyau a ido, layi ya miƙe, babu ramuka. Na sa tef a ƙofar falo daga kankare zuwa ƙasan linta, 2100. Na je ɗakin farko, 2100. Baba yana tsaye yana murmushi, ya ce, "Injiniya, ka ga ko mil ɗaya ban ci maka ba." Nan gabana ya faɗi, domin lambar daidai ce, wurin da aka fara auna ta ne ba daidai ba.

A ƙasan jadawali akwai ɗan rubutu cewa duk tsayi daga FFL ake ɗaukarsa, wato daga saman daɓen da aka gama, inda ƙafar mai gida za ta taka. Jaman fulo ba shi ne wannan ba. A takardar da ke nuna ginin a yanke, an sa yashi da siminti na shimfiɗa mil 40, tayil mil 10, jimla 50. Kenan daga kankaren da muke tsaye a kai, ƙasan linta 2150 ya kamata ya kasance. Yanzu ranar da aka sa tayil, kowace ƙofa a fulat ɗin ƙasa za ta koma 2050, gindin kowace taga kuma zai sauko da 50, na ɗakuna ya zama 850.

Ban yi wa Baba faɗa ba, saboda rabin laifin nawa ne, ko fiye. Ranar 15 da muke fitar da tagogi ina tsaye aka ɗora tef a kan kankare, ban ce uffan ba, hankalina yana Kano. Kuma abin da ya kamata in yi tun farko ban yi ba: a ɗauki tiyon ruwa a zagaya da layi ɗaya a jikin bango, mita ɗaya sama da inda tayil zai ƙare, kowa ya riƙa aunawa daga nan. Da layin yana nan, ko ba na gari kafinta zai ƙara 1100 a kansa ya kafa katakonsa.

Wani leburan ya kawo shawarar a sassaƙe ƙasan lintar. Na ce a'a. Simintin da ya rufe rodi a ƙasa bai wuce mil 25 ba, in ka ci 50 ka tone rodin gaba ɗaya, kuma na ƙasan su ne ke ɗaukar ja idan nauyi ya hau. A ɗanshin Legas rodin da ya sha iska ba ya daɗewa bai yi tsatsa ba, tsatsar ta kumbura ta tsaga simintin. Wani kuma ya ce a rage shimfiɗar daɓe. Na auna jaman fulon da tiyo, tsakanin falo da ɗakin baya akwai bambancin mil 15, to shimfiɗar nan ita ce za ta gyara wannan, ba inda za a rage ta ya kai 50.

Talata, 27 ga Mayu

Akitek ya zo da kansa ya auna. Ya ce fasa linta zagaye guda saboda mil 50 asara ce da ba ta da dalili, a bar ƙasa a 2050, amma sama a yi shi yadda aka zana. Abin da ya dage a kai shi ne a rubuta. Ƙofofin katako na ƙasa sun sami sabuwar lamba: D3A guda huɗu, D4A guda huɗu, tsayi 2050. D3 da D4 sun rage huɗu-huɗu, na sama kenan. Tagogi lambarsu ba ta canja ba tunda ramin bai canja girma ba, saukowa kawai ya yi.

Da yamma na je na gaya wa Kawu a shagonsa. Ya saurara har na gama, sannan ya miƙe ya ɗora tafin hannu a kan hularsa ya ce, "Zan wuce ba sunkuyo?" Na ce zai wuce, Kawu, har da rawani. Ya ce to a ci gaba.

Laraba, 4 ga Yuni

Ana kafa katakon dakin, wato kankaren da zai raba ƙasa da sama. An tashi aiki yau sai bayan Sallah, wadda ta kama jibi Juma'a. Titunan Agege raguna sun cika su, tifar yashi ma ba ta iya shigowa layinmu ba.

Asabar, 14 ga Yuni

Na je kasuwar kayan gini ta Orile Coker neman ƙofofin ƙarfe, da tef a aljihu da jadawali a hannu. Duk shagon da na shiga "ƙafa uku" da "ƙafa huɗu" suke kira, amma in ka ɗora tef labari ya sha bamban. Wadda aka fara nuna mini a matsayin ƙafa uku, daga bayan firam zuwa bayan firam 960 ce, tsayi 2050. Raminmu na D2 kuwa bai kai 920 ba. Da na saya da suna kawai, sai an sassaƙe bulo a kowane gefe. Akwai wata 860, ita ce za ta shiga ta bar wurin cika siminti.

A nan na tsaya na yi tunani, domin 900 ɗin da ke jadawali girman ramin bango ne, ba na ganyen ƙofa ba, ba kuma na hanyar da mutum zai bi ba. Uku ne daban-daban. Na buɗe mai 860 na auna tsakanin firam da gefen ganyen, abin da ya rage na wucewa 760 ne. Na kira matar Kawu na ce, "Hajiya, don Allah a sa yaro ya auna mini firizan nan taki ta gefe." Aka ce 690. Za ta shige. Ta nan ƙofar za a riƙa shigo da buhun shinkafa da tukunyar gas, gara in sani yau.

Tsayin 2050 kuwa ya zo mini kamar an aiko shi. Ramin ƙasa yanzu 2100 ne tunda ba a yi daɓe ba. Za mu ɗaga firam ɗin mil 40 a kan gutsuren tayil da siminti, sama ya rage 10, gindin dokin ƙofar ya nutse 10 a cikin daɓe. Da an zuba linta daidai ma da ƙofar nan ta bar giɓin 50 a sama, wanda shi ne za mu cike a fulat ɗin sama.

Sai batun hannu. Ƙofar ƙarfe ba a juya ta, da hannunta take zuwa, dama ko hagu, kuma kowane mai shago da yadda yake kiran nasa. Ban yi gardamar suna da kowa ba. Na buɗe fulan, na duba ɗan bakan da aka zana a bakin ƙofar, wanda ke nuna gefen da hinji yake da inda ganyen zai buɗe, na tsaya a gaban ƙofar kamar mai shigowa daga waje na gwada. D2 ta ƙasa da ta sama ba hannu ɗaya ba ne, saboda matakalar baya.

D1 biyu a kan 215,000 kowace, D2 biyu a kan 135,000, mota zuwa Agege 25,000. Jimla 725,000.

Alhamis, 19 ga Yuni

An zuba dakin, daga bakwai na safe zuwa magariba. Ruwa ya yi mana kara bai sauko ba sai cikin dare.

Litinin, 7 ga Yuli

Bulon sama ya kai layi biyar. Yau kafin kowa ya taɓa cokali muka zagaya da tiyon ruwa, ni da Baba, muka buga layin mita ɗaya da igiya da shuɗin gari a kowane ɗaki. A kan dakin ɗin layin yana kamawa wajen 1050, wani wuri 1040, wani 1060, amma shi layin a miƙe yake. Na rubuta a bango da gawayi: ƙasan linta 1100 sama da layi, gindin W2 100 ƙasa da layi, gindin W3 200 sama da layi. Baba ya karanta ya ce, "Yanzu ka zo da magana."

Juma'a, 11 ga Yuli

Mai walda ya kawo bogilarin ƙasa, guda 13. Goma sha biyu sun zauna. Na kicin ya ƙi, domin ya yi shi 900 a faɗi, 1200 a tsayi. Ya ce ai haka ake faɗa a wurinsu, tsawo tukuna. Na ce ya kwantar da shi mu gani. Ya kwantar, girman ya yi, amma sandunan da ya kamata su tsaya sun kwanta sun zama tsani, adon tsakiya kuma ya kalli gefe. Hajiya ba za ta yarda da wannan a kicin ɗinta ba, ni ma haka.

Na duba saƙon da na tura masa a waya: lambobi ne zalla na kwafa, ban tura hoton jadawalin ba, alhali kowace lamba akwai ɗan zanenta a tsaye a gefe, wanda ko wanda bai iya karatu ba zai gane. W2 da W4 murabba'i ne, ba yadda za su juye. W1 kuwa babu mai yin tagar falo tsaye. W3 ce kaɗai mai ruɗarwa, ita ce kuma ta ruɗar. Muka raba asarar, na ƙara masa 12,000 ya sake. Na sama bai fara ba tukuna, na ba shi hoton takardar a hannu.

Talata, 15 ga Yuli

Lintar sama. Na auna ƙasan katako a wuri tara kafin a zuba, duka 1100 daga layi, sai ɗaya da ya ba da 1095, aka buga masa ƙusa aka ɗaga.

Laraba, 23 ga Yuli

An cire turakun dakin, an kafa ƙofofin ƙarfe na ƙasa yadda na lissafa. An cika cikin firam da siminti mai ruwa-ruwa don kada ya riƙa ƙara kamar gwangwani. Filasta ta fara daga ɗakunan baya.

Asabar, 2 ga Agusta

Mai alminiyam daga Dopemu ya zo awo. Tun watan Yuni yake matsa mini in ba shi jadawali da rabin kuɗi ya fara yanka, wai kaya na tashi. Na ƙi, kuma yau na ga amfanin ƙin. Alminiyam da gilashi ba katako ba ne da za a fere, in an yanka an yanka.

Kowace taga mun auna faɗinta a sama da tsakiya da ƙasa, tsayinta a dama da tsakiya da hagu, muka ɗauki mafi ƙanƙanta muka cire mil 10 na sakewa. W2 shida ce a ƙasa, duka 1200 a takarda. Bayan filastar baki, wadda ke cin kamar 12 zuwa 15 a kowane gefe, faɗinsu ya kama daga 1170 zuwa 1188, babu biyu da suka zo ɗaya. Da ya yanka su 1200 tun Yuni, ko ɗaya ba za ta shiga ba.

Sai awon kusurwa zuwa kusurwa. In rami a miƙe yake, awo biyun za su zo daidai ko kusa. A ɗakin Kawu, tagar da ke kallon katanga ta ba da 1655 da 1680. Faɗinta daidai ne sama da ƙasa, shi ya sa ido bai kama ba, amma gaba ɗayanta ta karkace gefe guda. Na rataya igiya da dutse a kusurwar sama, a ƙasa ta bar bango da kusan faɗin yatsa. Taga mai hinji in aka matsa ta cikin irin wannan rami, ganyenta ba zai kwanta a kan roba ba, kuma ta nan ruwan da iska ke korowa zai shigo. Mai filasta zai kankare gefe ɗaya ya ƙara ɗaya ranar Litinin, sannan a sake awo.

Tunda yanzu kowace taga da nata girman, lambar W2 kaɗai ba ta isa ba. Na bi su da alƙalamin maka na rubuta a jikin bango, W2/1 har zuwa W2/6, na sa haka a fulan, shi ma ya rubuta a takardarsa, kuma zai manna a jikin kowace idan ya haɗa. Na tuna masa W4 gilashinta mai duhun gani ne, kamar yadda jadawali ya ce, don tagar banɗakin baƙi tana kallon mashigar gida.

Kuɗin tagogin ƙasa 13 da raga mun tsaya a 985,000, na ba da 600,000.

Litinin, 4 ga Agusta

An gyara tagar ɗakin Kawu, kusurwoyi sun ba da 1664 da 1667. Na tura wa mai alminiyam sabon awon, na kira shi ya karanta mini abin da ya gani.

Kafinta ya zo kan ƙofofin katako. Muka yi lissafin D3A tare: daga 2050 a cire 10 na sakewa a sama, 30 na kan firam, 10 tsakanin ganye da tayil, ganyen ya tsaya a 2000. Na sama 2050. Ya ce a yi su duka 2000 mana a huta, na ce a'a, ramin sama daidai yake, ba za mu gajarta shi don ya yi kama da kuskure ba. Ya kuma auna kaurin bango, bulo inci shida da filasta gefe biyu ya ba da 180, sai ƙofar kicin da ke cikin bangon inci tara, 255, wadda firam ɗinta zai fi faɗi. Wannan ma jadawali bai raba ba, na rubuta a gefe.

Gobe zai tafi Mushin sayen katako. Na ce kada ya kawo ɗanye, kuma ya rubuta lamba a saman kowane ganye inda fenti ba zai rufe ba. Rufin sama ranar Alhamis in kwano ya iso, awon tagogin sama kuma sai filasta ta bushe.